Martani Ga Mai Cewa A Ƙyale Wanda Ya Yi Sallama Ya Yi Shiru

Akwai wani ra'ayi da ya fara samun gindin zama tsakanin masu hulɗa da jama'a ta wayar hannu, wanda wani marubuci ya tsara shi a matsayin nasiha ga malaman gona da ma'aikatan ɗakunan shan magani da masu shagunan kayan noma. Ra'ayin yana cewa duk wanda ya aiko da saƙo a WhatsApp bai rubuta komai ba sai sallama ko "sannu", sannan ya yi shiru yana jira, ya ɓata lokacin wanda ya aika wa, domin haka bai cancanci amsa ba har sai ya faɗi buƙatarsa. Marubucin ya ƙara da cewa idan ma za a amsa, to a bar na'ura ta amsa da wani rubutaccen gargaɗi mai umartar mutum ya shiga batunsa kai tsaye, kuma a ganinsa yin hakan wata tarbiyya ce da za ta koya wa mutanen karkara yadda ake amfani da waya. Wannan martani yana ganin marubucin ya yi daidai a lissafin lokaci, amma ya yi kuskure wajen gane wanda yake magana a kansa, kuma kuskuren ya isa ya rushe nasihar gaba ɗaya idan aka kai ta wuri irin Nasko.

Ƙa'idar da yake karewa ba a ƙasar nan aka haife ta ba. Ta fito ne daga cikin masu rubuta manhajar kwamfuta a manyan kamfanoni, inda abokan aiki suke aika wa juna saƙo yini guda, kowa ya san kowa, kowa ya san aikin ɗan'uwansa, kuma babu mai shakkar cewa yana da izinin yin tambaya. A irin wannan zama gaisuwa zalla tana katse wa mutum aiki ba tare da ta ba shi abin da zai yi ba, don haka ƙorafinsu yana da hujja. Sharaɗin da ya sa ƙa'idar take aiki a can shi ne masu maganar tsaran juna ne kuma sun riga sun saba, wanda shi ne ainihin abin da babu shi tsakanin ma'aikaci da mutumin da yau ne karon farko da ya rubuta wa wani baƙo saƙo.

Nasko ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Magama a Jihar Neja, cikin masarautar Kontagora, kuma garuruwa irin su Auna da Salka da Ibeto duk a ƙarƙashinta suke. Yawancin jama'ar yankin manoma ne masu shuka dawa da gero da masara da wake da gyaɗa, kuma da yawa daga cikinsu Kambari ne da suke da harsunansu na gida, suna amfani da Hausa a kasuwa da asibiti da ofis. Wayar salula ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, WhatsApp kuma an ƙirƙiro shi a 2009, amma kira da baki shi ne abin da mutumin ƙauye ya fara sabawa da shi, rubutu ya zo masa daga baya, sau da yawa a kan wayar da ba tasa ba. Wanda yake riƙe da wayar yana iya zama yaro ɗan makaranta da mahaifinsa ya sa ya rubuta, ko matar aure da ta ari wayar mijinta na ɗan lokaci, ko dattijon da ya iya ajami sosai amma boko yana yi masa nauyi. Allon rubutun wayar kuma sau da yawa a Turanci aka saita shi, babu ƙ babu ɗ babu ɓ, yana kuma sauya kalmomin Hausa zuwa wasu na Turanci da kansa, ta yadda mutum zai rubuta abu ɗaya ya ga wani dabam ya fito. Kalmar da irin wannan mutum yake da tabbacin zai rubuta ba tare da ya ji kunya ba ita ce gaisuwa, shi ya sa yake aika ta ya tsaya.

Marubucin ya ɗauki wannan gaisuwa a matsayin saƙo marar komai a ciki, alhali masu nazarin zance sun daɗe da nuna aikin da take yi. A shekarar 1968 masanin zamantakewa Emanuel Schegloff ya wallafa bincike kan yadda mutane suke buɗe zance, bayan ya nazarci kiran waya kimanin 500 da aka yi wa wani ofishin 'yan sanda a Amurka. Ya nuna cewa zance yana farawa da abu biyu masu ɗaure da juna, wato kira da amsawa, inda kiran yake neman sanin ko akwai mai sauraro, amsawar kuma take ba mai kiran damar ci gaba, har ma ta ɗora masa nauyin ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya kuma nuna cewa idan aka yi kira ba a amsa ba, mai kiran ba ya ɗaukar shirun a matsayin babu komai, yana ba shi ma'ana, ko dai babu kowa, ko kuma an ji an ƙi. Abin da marubucin yake nema, wato mutum ya zuba buƙatarsa kafin a amsa masa, tsallake matakin farko ne, kuma wanda ya saba ne kawai yake iya wannan tsallake.

Bahaushe bai buƙaci Schegloff kafin ya san wannan ba, domin tarbiyyarsa a kai aka gina ta. Baƙon da ya zo ƙofar gida yana tsayawa a bakin zaure ya yi sallama, ba ya ɗaga labule ya fara karanto buƙatarsa, kuma wanda ya yi hakan ana cewa ba shi da kunya. Aya ta 27 a Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama, aya ta 86 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko makamanciyarta, kuma a hadisin Abu Musa al-Ash'ari da Bukhari da Muslim suka ruwaito an koyar da cewa wanda ya nemi izini sau uku ba a ba shi ba ya koma. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi shafar batun, saboda yana bayyana abin da zai faru idan aka bi nasihar marubucin. Mutumin da aka tarbiyyantar a kan haka idan ya yi sallama ba a amsa ba, ba zai fahimci cewa ana jiran ya rubuta cikakkiyar tambaya ba, zai sake sallama, wataƙila ya sake ta uku, daga nan ya janye da yaƙinin cewa ba a son zuwansa. Tarbiyyar da marubucin yake fatan shiru zai yi ba za ta isa ga kowa ba, tunda shiru ba ya bayyana dalilinsa.

Manhajar ma tana ƙara wa shirun nauyi. Maki ɗaya mai ruwan toka a gefen saƙo yana nufin ya bar wayar mai aikawa, maki biyu yana nufin ya isa wayar wanda aka aika wa, idan kuma suka koma shuɗi, wanda aka fara tun a 2014, to an buɗe an karanta. Sabon shiga yakan koyi wannan da wuri daga yaran gida. Idan ya ga shuɗi biyu a kan sallamarsa, awa ɗaya ta wuce, yini ya wuce, abin da ya karanta shi ne malamin ya gan shi ya kawar da kai.

Akwai hujja guda mai ƙarfi a bakin marubucin da adalci bai yarda a tsallake ta ba. A inda sabis yake zuwa yana ɗaukewa, kuma waya take kwana a wurin mai caji, kowane zuwa da dawowar saƙo yana iya cin rabin yini, ta yadda idan aka kashe zagaye na farko a sallama, na biyu a "ina wuni", na uku a "ya iyali", tambayar da ta shafi gonar da tsutsa take ci ba za ta fito ba sai bayan kwana biyu. Wannan gaskiya ne, kuma ma'aikaci ɗaya da yake amsa wa mutane da yawa ba zai iya bin kowa da doguwar gaisuwa irin ta zaure ba. Sai dai abin da hujjar take nunawa shi ne zagayen yana da tsada, don haka dole wani ya rage yawansa, kuma tambayar ita ce wa ya fi iya ragewa tsakanin su biyun. Wanda ya iya manhajar, ya san aikinsa, ba ya jin tsoron kowa, shi ne ma'aikacin. Idan ya yi shiru ya ƙara zagaye ne bai rage ba. Idan ya amsa da "ina ji" kawai, ko alamar tambaya, nan ma ya kashe zagaye guda bai samu komai ba, ya kuma ƙara wa mai jin nauyi nauyi. Maganin tsadar shi ne amsar farko ta ɗauko aikin zagaye uku a saƙo ɗaya.

Irin wannan amsa tana fara mayar da gaisuwar da irinta, sallama da sallama, "sannu" da "yawwa sannu", ba tare da an ɗora wa kowa gaisuwar da ba tasa ba, domin a Magama akwai Musulmi akwai Kirista akwai masu bin al'adar gargajiya. Sannan ta faɗi ko wane ne yake magana, saboda sabon shiga yakan kwafi lamba daga bakin wani ko daga jikin takarda, kuma rabin fargabarsa ita ce ko ya faɗa hannun wanda bai nufa ba. Bayan haka ta yi tambaya ɗaya tak, mai zaɓi biyu, wadda ake iya amsawa da kalma guda, ta kuma buɗe masa ƙofar magana da murya, wadda WhatsApp ya ƙara tun a 2013. Akwai wani ƙaramin abu da ake yawan tuntuɓe a kansa, wato ma'aikacin bai san ko namiji ne ko mace ba, babba ne ko yaro, hoton da ke kan lambar kuma ba shaida ba ne tunda wayar aro ce sau da yawa. Don haka "ku" ta girmamawa ita ce mafita har sai an ji murya, daga nan a koma Baba ko Malam ko Inna ko Hajiya gwargwadon wanda aka ji.

A ɗauka wani manomi daga wani ƙauye kusa da Salka ya karɓi lambar malamin gona na Nasko, a tsakiyar damina, lokacin da masara ta kai gwiwa. Bayan magariba saƙo ya shigo da kalmomi biyu, "Salamu alaikum", babu ƙari. Malamin ya amsa da cewa: "Wa alaikumus salam, barkanku da dare. Malamin gona ne na Nasko, saƙonku ya iso. Maganar gona ce ko ta dabbobi? Idan rubutu zai ɗauki lokaci, ku danna hoton makirufo ku riƙe, ku yi magana da Hausa, in kun gama ku saki." Jimla ta uku ita ce ginshiƙin saƙon. Da ya ce "me ke tafe da ku", ya bar wa manomin aikin tsara labari daga farko, wanda shi ne abin da ya gagare shi tun da fari, amma "gona ko dabbobi" yaro ma zai iya amsa ta.

Abin da yakan biyo baya yana da alamomi da ma'aikaci zai iya karantawa. Alamar da ke nuna mutum yana rubutu takan bayyana ta ɓace sau da yawa ba tare da komai ya iso ba, wanda yake nufin yana rubutawa yana gogewa. Wani lokaci saƙo ya iso sannan a ga "This message was deleted" a gurbinsa, wato ya aika ya ji kunyar kuskurensa ya janye. Mafi yawa kuma sai a ga saƙon murya na daƙiƙa ɗaya ko biyu babu magana a ciki, saboda ya danna makirufon ya saki da wuri kafin ya yi magana. Duk ukun suna nuna mutumin yana nan yana ƙoƙari, kuma a nan ne ya kamata malamin ya daina rubutu ya aika tasa muryar, gajera, wadda ba ta kai rabin minti ba: "Sannu da ƙoƙari, ya kusa yi. Ku ɗora yatsa a kan makirufon kada ku ɗaga sai kun gama magana." Jin muryar mutum mai Hausa irin tasa yana kwantar da hankali fiye da kowane rubutu, kuma yana nuna masa a aikace yadda abin yake.

A karo na gaba murya ta iso, ta dattijo, yana cewa masararsa ce take lalacewa. Malamin yanzu ya san wanda yake magana da shi, sai ya ce: "To Baba, Allah ya sawwaƙe. Ganyen rawaya yake yi, ko huji ne a jikinsa?" Tambayar ba ta kwantar da hankali kaɗai ba ce, tana raba cuta da cuta. Rawayar da take farawa daga bakin tsofaffin ganyayen ƙasa ta bi tsakiyar ganyen tana nuna yunwar taki, masarar da ta tsumbure a gonar da ƙuduji ya saba fitowa tana nuna wata matsalar dabam, huji kuma yana nuna ƙwaro. Dattijon ya ce huji ne. Malamin ya roƙe shi da safe ya leƙa cikin kan masarar inda sabon ganye yake fitowa, ya duba ko akwai wani abu kamar garin katako, idan yaron gida zai iya ya ɗauko hoto. Idan aka sami wannan gari tare da tsutsa mai alama kamar harafin Y a kife a goshinta da ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, to baƙuwar tsutsar nan ce da aka fara ganinta a Nijeriya a 2016, wadda maganinta ya fi ci tun tana ƙarama kuma idan feshin ya shiga cikin kan masarar da sassafe ko da yamma. Zagaye huɗu ko biyar suka kai ga wannan, kuma babu ko ɗaya da aka kashe a gaisuwa zalla. Da an bi nasihar marubucin, dattijon zai nufi kasuwa ya sayi duk kwalbar da mai tebur ya miƙa masa.

Game da amsar na'ura da marubucin ya ba da shawara, WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 domin ƙananan 'yan kasuwa, yana da saƙon maraba da yake tafiya da kansa ga wanda ya rubuto karon farko ko bayan kwana 14 ba a yi magana ba. Kayan aiki ne mai amfani, illarsa tana ga abin da ake zubawa a ciki. Yawanci dogon rubutu ne da Turanci, ko jerin zaɓi mai cewa a danna 1 ko 2, ko gargaɗi irin wanda marubucin yake so, kuma sabon shiga da ya ga rubutu mai tsawo ya faɗo daƙiƙa guda bayan sallamarsa yakan ɗauka ya taɓa abin da bai kamata ba. Idan za a yi amfani da shi, layi biyu na Hausa sun isa, masu cewa saƙo ya iso kuma malam zai amsa da kansa bayan sallar isha'i ko da safe, sannan a cika alkawarin. Manhajar tana kuma da ajiyayyun amsoshi da ake kirawo su ta hanyar danna alamar / a wurin rubutu, ta yadda amsar farko da aka kawo a sama za a rubuta ta sau ɗaya a riƙa aika ta cikin daƙiƙu kaɗan. Wannan kaɗai ya rage ƙorafin ɓata lokaci zuwa abin da bai taka kara ya karya ba.

Wani zai ce 'yan damfara ma da sallama suke farawa, kuma haka ne. Amma mayar da gaisuwa da tambayar "gona ko dabbobi" ba ya ba ɗan damfara komai, kuma saƙonsa na biyu yakan tona shi, domin zai kawo maganar kuɗi ko tallafi ko ya nemi a turo masa lambobi shida da suka shigo waya, waɗanda da su ake ƙwace wa mutum WhatsApp ɗinsa. Tsoron damfara ya fi yawa a ɓangaren manomin, wanda ya sha jin labarin waɗanda aka kwashe wa kuɗi ta waya, shi ya sa bai kamata ma'aikaci ya buɗe zance da neman cikakken suna da lambar BVN ko NIN ba, ko da aikin zai buƙaci rajista daga baya. A ɗakin shan magani akwai ƙarin hattara, saboda matar da ta ari waya ba za ta so bayanin cikinta ko ciwonta ya zauna a rubuce inda wani zai karanta ba, don haka ma'aikaciyar lafiya takan fara da tambayar ko wayar tata ce, idan ba tata ba ce ta ba ta lokacin da za ta zo ko a kira ta. Idan kuma amsar farko ta nuna gaggawa, kamar zubar jini ko naƙuda ko jijjigar yaro, an bar maganar saƙo ke nan, sai kira da umarnin a taho asibiti.

Wannan sassauci yana da iyaka, kuma a nan ne kaɗai nasihar marubucin take da gurbi. Wanda ya riga ya saba, ya yi hulɗa da malamin sau da yawa, amma kullum sai ya aiko sallama ya jira, ana iya gaya masa cikin raha cewa ya riƙa haɗo sallamar da tambayar a saƙo ɗaya domin amsa ta same shi da wuri, kuma zai karɓa saboda ya san mai maganar. Wanda kuma aka amsa masa ya yi shiru, tuni ɗaya washegari ya isa, da murya, ba a bi shi da saƙo biyar ba, domin wataƙila datarsa ce ta ƙare ko mai wayar ya karɓi abarsa. Darasin da marubucin yake son koyarwa darasi ne na zance na uku ko na huɗu, shi kuwa ya ɗauko shi ya sa a na farko, inda mai koyon bai ma tabbatar akwai mutum a ɗaya gefen ba. Malaman gona da ma'aikatan lafiya da masu shaguna na Nasko da kewaye su ajiye nasiharsa ga abokan aikinsu na ofis, wanda kuwa ya yi sallama karon farko ya tsaya, su amsa masa a ranar, su faɗi ko su wane ne, su yi masa tambaya ɗaya.